Kafin ka sa hannu a takardar giratuti, gano lambobin da aka ninka

Assalamu alaikum. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kaya a nan Jos. Na fara a matsayin ɗan wucin gadi a Maris 2009, aka ba ni takardar ɗauka aiki ranar 1 ga Maris 2011, aka tabbatar da ni ranar 1 ga Satumba 2011, na yi ritaya ranar 31 ga Disamba 2024. A Oktoba 2024 an ƙara mana albashi, nawa ya tashi daga ₦160,000 zuwa ₦180,000: besik 90,000, gida 45,000, mota 27,000, sauran 18,000. Kundin ma'aikata ya ce giratuti albashin wata ɗaya na ƙarshe ne a kan kowace shekarar aiki. Ni na lissafa 180,000 sau 16, wato ₦2,880,000. Su kuma sun ce ₦920,000 za su ba ni bayan cire ragowar bashina na ₦120,000, kuma sai na sa hannu cewa ba na bin su komai. An cuce ni ne, ko ni ne ban iya lissafi ba? Ina da 'ya da zan aurar.

Daga mai sito, Anguwan Rogo

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a hutun da ka samu, ya kuma nuna mana bikin yarinya lafiya.

Kada ka sa hannu tukuna. Lissafinsu akwai gyara a ciki, naka ma akwai, amma su nasu kuskuren ana iya nuna shi da yatsa a kan takarda yau ɗin nan.

Abin da na fara yi da wasiƙarka shi ne mayar da lissafinsu baya, don in ga ta inda suka biyo. Na maido da bashin da suka cire, 920,000 da 120,000, ya zama ₦1,040,000. Wannan shi ne giratutin da suka yanke maka. Tunda ƙa'idar ninki ce ta lambobi biyu, albashi da shekaru, dole wannan adadin ya rabu daidai ba saura idan aka samu lambobin da suka yi amfani da su. Na raba shi da 180,000, bai kai shida ba, ka ga ba cikakken albashi suka ɗauka ba. Na raba da 90,000, ya ba ni sha ɗaya da ɗoriya, kuma babu wata rana cikin ranakun da ka ambata da za ta haifar da wannan adadin shekaru. Da na raba da 13 sai ya fito cif: 80,000. Besik ɗinka na yanzu rabin albashinka ne. Idan haka tsarin yake kafin ƙari, rabin 160,000 shi ne 80,000. Saboda haka ina da ƙarfin zaton cewa tsohon besik ɗinka na kafin Oktoba suka ninka sau 13. Ɗauko takardar albashinka ta Satumba ka duba layin farko. In ka ga 80,000, to mun kama bakin zaren.

Ba lallai mugunta ce ta kawo wannan ba. Na yi shekaru a ofishin biyan albashi, na san yadda abin ke faruwa. Ana shirya lissafin mai ritaya tun ana saura wata uku ko huɗu ya tafi, don a nemi amincewar manya a ware kuɗi. Sai ƙarin albashi ya zo a tsakiya, a gyara jadawalin albashin wata-wata, a manta da fayil ɗin da ke kan teburin manaja. Amma ko mantuwa ce ko ganganci, kuɗinka ne. Kundin ya ce albashi na ƙarshe, kuma na ƙarshe shi ne na Disamba. Ko da an bar musu duk sauran abin da suka zaɓa, 90,000 sau 13 ₦1,170,000 ne. Bambancin ₦130,000, kuma wannan ba abin jayayya ba ne muddin maganar da ka kawo ita ce a kundin, ba a ce matsakaicin albashin watanni goma sha biyu na ƙarshe ba, kamar yadda wasu kamfanoni ke rubutawa.

Yanzu sai abin da ba zai yi maka daɗi ba, amma gara ka ji shi daga gare ni da ka ji shi a gaban manaja. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ba ta wajabta wa kamfani mai zaman kansa biyan giratuti ba, balle ta ce ga yadda za a lissafa. Abin da doka ta wajabta shi ne fansho na karo-karo, wanda aka kafa a 2004 aka sake fasalinsa a 2014. Giratuti a kamfani alkawari ne da suka ɗauka da kansu, a takardar ɗauka aiki, ko a kundin ma'aikata, ko a yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago. Da zarar sun ɗauka ya zama bashi a wuyansu, kotu na iya tilasta musu. Sai dai ma'aunin da za a auna da shi nasu ne, wanda ke rubuce. Kamar mai sayen masara ne a kasuwa: kafin a fara ƙirga mudu nawa, sai an san da wane mudun ake awo. Don haka abin da maƙwabcinka da ya yi ritaya daga gwamnati ya samu, ko abin da wani kamfani ya biya direbansa, ba hujja ba ce a gare ka. Kundinka ne hujjarka.

A nan ne mafi yawan kuɗin yake, don haka bari in tsaya a kai. Ka rubuto min cewa kundin ya ce albashin wata ɗaya. Ina so ka koma ka duba ainihin kalmar da aka rubuta, harafi da harafi, sannan ka juya zuwa shafukan farko ko na ƙarshe, inda ake fassara kalmomin da kundin ke amfani da su. Mutane kan tsallake wannan shafin, alhali shi ne ke raba gardama. Abu uku ne zai iya kasancewa. Idan an rubuta besik ƙarara, ko shafin fassara ya ce duk inda aka ce albashi to besik ake nufi, lambarka 90,000 ce, kuma ba ka da ta cewa a kan alawus. Idan an ce besik da kuɗin gida da na mota, lambarka 162,000 ce. Wannan haɗin ya zama ruwan dare saboda shi ne mafi ƙarancin abin da dokar fansho ta 2014 ta yarda a cire karo-karo a kansa, kamfanoni da yawa sai suka ɗauke shi suka sa a giratuti ma. Idan kuwa an ce cikakken albashi ko jimlar abin da ake biya a wata, to 180,000 ce. Dubi tazarar da ke tsakani a shekara 13 kaɗai: da besik ₦1,170,000, da haɗin ukun ₦2,106,000, da cikakken albashi ₦2,340,000. Kalma ɗaya ce ke riƙe da fiye da naira miliyan ɗaya.

To idan kundin ya ce albashi kawai ya yi shiru, bai fassara ba fa? Wannan yana faruwa, musamman a kundin da aka kwafo daga wani wuri aka canza suna. A nan kana da ƙafar tsayawa, domin su suka rubuta, kuma ƙa'ida ce sananniya a shari'ar yarjejeniya cewa jimla mai harshen damo ana karkatar da ita ne ga wanda bai rubuta ta ba. Amma su ma za su ce ai haka muka saba biyan kowa. Saboda haka ka nemi mutum biyu ko uku da suka yi ritaya kafin kai, ka roƙe su su nuna maka takardarsu ta sallama, ka yi musu irin rabon da na yi maka. In ka tarar an biya wani da haɗin besik da kuɗin gida da na mota, kai kuma aka ba ka da besik, ka samu hujja mai ƙarfi. In kowa da besik aka biya shi tun fil azal, ka san gardamar za ta yi tsawo, sai ka auna ko za ka iya.

Ka kuma duba shekarar da ke bangon kundin. Kamfanoni da dama sun sake kundinsu bayan fansho na karo-karo ya kankama, wasu suka rage giratuti, wasu suka tsayar da shi a wata rana suka ce daga nan fansho ya wadatar. Idan wanda ke hannunka na lokacin da aka ɗauke ka ne, tambaye su ko akwai sabo, kuma yaushe aka sanar da ma'aikata, da wace takarda.

Sai shekaru. Sha shida ɗinka ta fito ne daga ƙirgawa tun 2009 da cike shekarar ƙarshe. Na fahimci dalili, domin jikinka ya san ya ɗauki kwali a wannan siton tun 2009. Amma bari mu ƙirga yadda ofis zai ƙirga. Daga 1 ga Maris 2011 zuwa ƙarshen Fabrairu 2024 shekara 13 cif. Daga Maris zuwa Disamba 2024 wata goma. Ke nan shekara 13 da wata 10, ko wata 166. Idan aka fara daga ranar tabbatarwa, 1 ga Satumba 2011, shekara 13 da wata 4 ne.

Za ka ce ai duk 13 ne, me ya raba su? Abin da kundin ya ce a yi da guntun shekara shi ya raba su. Wani kundin yakan ce kowace cikakkiyar shekara, to nan wata goman ya tafi, 13 ɗinsu ta tsaya. Wani yakan ce wata shida zuwa sama a ɗauke shi shekara guda. A irin wannan, in an fara daga Maris kana da 14, in an fara daga Satumba kana da 13, ka ga watanni shidan gwaji sun cinye maka albashin wata guda. Wani kuma yakan ce a biya guntun gwargwadonsa. Yadda ake yin wannan shi ne a raba albashin gida goma sha biyu a ninka da yawan watanni. Da besik ɗinka:

```
90,000 ÷ 12 = 7,500
7,500 × 166 = 1,245,000
```

Jimlar da ka kawo ta ce kowace shekarar aiki, ba ta ce cikakkiya ba. In da gaske babu wannan kalmar, ka nemi a biya ka wata goman. Kuma ra'ayina shi ne lokacin gwaji aiki ne: an ba ka takarda, an biya ka albashi, ka sa hannu a rajista kowace safiya. Sai dai in kundin ya faɗa da bakinsa cewa daga ranar tabbatarwa ake ƙirge, kada ka yarda a fara daga Satumba.

Shekara biyun wucin gadi su ne mafi wuya, kuma ba zan sa maka rai fiye da kima ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, don haka riƙe mutum shekara biyu ba takarda ba abin alfahari ba ne ga kamfani. Kotun Masana'antu ta Ƙasa ma takan duba haƙiƙanin yadda aikin ya gudana, ba sunan da aka laƙaba masa kaɗai ba. Amma sai da shaida: katin shaida mai kwanan wata, takardun karɓar kaya da ka sa wa hannu a 2009 da 2010, shigar kuɗi daga kamfanin zuwa asusunka, ko wata takardar yabo da ta ce ka cika shekara goma a 2019. Wannan ta ƙarshen, in akwai ta, amincewa ce daga bakinsu. Idan ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ku a lokacin, yana biyan ku a hannu ranar Asabar, to da wuya. Ka sa su a wasiƙarka a matsayin roƙo mai hujja, amma kada ka jingina kuɗin da ka tabbatar da su a kan waɗannan.

Akwai wata takarda da ba a hannun kamfani take ba, kuma ita nake so ka fara nema gobe. Je ofishin kamfanin da ke riƙe da asusun fanshonka, ka ce a buga maka cikakken bayanin asusu tun daga farko. Layin farko zai nuna watan da aka fara zuba maka kuɗi, wanda zai taimaka wajen ranar farawa. Layukan ƙarshe kuma za su nuna ƙarin albashin. Doka ta ce kai kashi 8 cikin ɗari, kamfani kashi 10. In a kan haɗin ukun nan ake cirewa, kashi 8 na 162,000 shi ne ₦12,960, na kamfani ₦16,200, jimla ₦29,160 a wata. Idan ka ga wannan adadin ya bayyana daga Oktoba, alhali kafin nan bai kai haka ba, to kamfanin da kansa ya shaida wa wani cewa albashinka ya canza, ba mai cewa ƙarin bai fara aiki ba. Tunda kana wurin, ka bi watannin ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai waɗanda aka cire maka a takardar albashi ba a zuba ba. Wannan haƙƙi ne daban da giratuti, ba a cire ɗaya daga ɗaya sai in yarjejeniyarku ta faɗi haka, kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa da ke Abuja tana karɓar ƙorafi a kan kuɗin da aka cire ba a zuba ba.

Bashin 120,000 kuwa, tunda ka amsa shi, a cire. Abu ɗaya kawai: duba takardar albashin Disamba ka ga ko an cire kason wannan watan, sannan ka tabbata ragowar da suka rubuta ta bayan cirewar ce. Sau da yawa ana ɗauko ragowar ne daga tsohon fayil ɗin nan da aka shirya tun da wuri, sai a ci mutum wata biyu ko uku sau biyu. Idan besik ɗin Satumba suka ɗauka, akwai yiwuwar ragowar bashin ma ta Satumba ce. Kuma kasancewarka mai sito, ka lura kada wani layi ya ɓullo daga baya da sunan kayan da suka ɓace. Ka karɓi kwafin takardar miƙa sito da wanda ya gaje ka ya sa wa hannu, ka adana. Ka tambaya kuma ko albashin Disamba da kuɗin hutun da ba ka tafi ba suna cikin wannan 920,000 ɗin ko daban suke, domin idan an cusa su ciki to giratutin ya ma fi ƙanƙanta da yadda muka lissafa, sai a sake rabon.

Ga yadda zan so ka tunkare su. Rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban sashen ma'aikata, cikin ladabi, ba zargi ba zafi. Ka yi godiya, sannan ka nemi a ba ka lissafin a rubuce: wace rana aka fara ƙirge, wace rana aka tsaya, wane adadin albashi aka ninka, wane sashe na kundin aka dogara da shi, me da me aka cire. A ƙasa ka sa naka lissafin da lambar sashen, ka liƙa kwafin takardar ɗauka aiki, takardar ƙarin albashi, takardun albashi na Satumba zuwa Disamba, da bayanin asusun fansho. Kwafi za ka ba su, asalin ya zauna a gida. Ka je da wasiƙar guda biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo maka da ita. Kada ka rubuta 2,880,000 a ciki. Da zarar akawu ya ga sha shida zai rushe ta cikin minti ɗaya, daga nan sai a ɗauki sauran maganarka duk a matsayin son zuciya. Fara da 130,000 ɗin da ba su da amsarsa, sai wata goman, sai maganar alawus gwargwadon abin da ka gani a shafin fassara.

Na san matsin da kake ciki. Biki na tafe, kayan ɗaki ba sa jira, kuma ga kuɗi an ajiye a gabanka an ce sa hannu ka ɗauka. Amma takardar da ta ce ba ka bin su komai ba ta wasa ba ce, ana iya fito da ita a kotu a ce kai ka yafe. Ka roƙe su su biya ka 920,000 ɗin da su da kansu suka amsa, a matsayin wani ɓangare, ka sa hannu a rasit na karɓar wannan adadin kaɗai, sauran kuma a ci gaba da dubawa. Idan sun ƙi, suka ce ko duka ko babu, kada ka yanke shawara a tsaye a ofis. Karɓi kwafin takardar ka kai wa lauya ya karanta kafin biro ya taɓa ta. Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a Jos, sai ka fara tambaya a can ko za su iya duba maka, in kuɗin lauya zai yi nauyi.

In wasiƙa ta yi mako biyu ba amsa, ka sake tunatarwa a rubuce. In kuna da ƙungiyar ƙwadago a kamfanin, ka sa sakatarenta a ciki. Bayan nan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Jos, inda jami'ai ke kiran ɓangarorin biyu a zauna sulhu, kuma kamfanoni da yawa sukan gyara lissafi da zarar takardar gayyata ta iso. Kotun Masana'antu, wadda ita ce ke da hurumin shari'ar albashi da giratuti, tana da reshe a Jos, ba sai ka je Abuja ba. Sai dai shari'a na cin lokaci da kuɗi. Idan abin da ya rage tsakaninku 130,000 ne ko 200,000, wasiƙa da zaman sulhu sun fi dacewa. Idan shafin fassara ya nuna 162,000 ko 180,000 ne haƙƙinka, tazarar ta kusa miliyan ko ta haura, to ta cancanci lauya, kuma kada ka bar ta ta kwana shekaru, domin doka na iyakance lokacin shigar da ƙara.

Ka ɗauki hoton shafin giratutin da shafin fassarar kalmomi da takardar albashin Satumba ka turo min, ka rufe sunanka da na kamfanin. Da su zan iya faɗa maka adadi guda ɗaya da za ka rubuta a wasiƙar.